Shawara: Gyaran ƙananan matsalolin shafukan intanet, me zan koya kafin a fara biyana?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na gama difloma, aiki bai samu ba. Ina da tsohuwar laftof mai ram 4, kuma ina iya ware awa biyu a rana idan akwai wuta. Na kalli bidiyoyin koyon Python da yawa, amma da na buɗe Upwork na ga ayyukan gyaran matsala da ake sakawa, ko ɗaya ban gane ta inda zan kama ba. Shin me ya kamata in koya, har zuwa wane mataki, kafin in iya karɓar irin waɗannan ƙananan ayyuka a biya ni? Ko dai ɓata lokacina nake yi? Daga wani matashi a Funtuwa.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Bidiyoyin da ka kalla sun koya maka rubuta sabon abu a kan farin shafi, alhali aikin da kake nema shi ne karanta abin da wani ya rubuta shekaru biyar da suka wuce, ya tafi, ya bar shi babu bayani. Hannu biyu ne daban. Mai gyara yakan shafe awa ɗaya yana karatu da bincike, sannan ya canza layi ɗaya tak. Wannan karatun da binciken shi za ka koya, kuma ba a koyonsa da kallo.

Shawararmu ita ce ka ajiye Python a gefe tukuna, ka kama WordPress. Ba don Python ba shi da kasuwa ba, sai don ayyukansa sun warwatsu: wannan na lissafin bayanai, wancan na kwaso bayanai daga shafuka, wani kuma na Django, kowanne da nasa ilimin. WordPress kuwa shi ke ɗauke da sama da kashi 40 cikin ɗari na shafukan intanet na duniya, yawancin masu shafukan 'yan kasuwa ne da ba su san kod ba, kuma matsalolin da ke samunsu kusan iri ɗaya ne suke maimaituwa. Abin da ka riga ka fahimta a Python, wato sharaɗi da maimaitawa da yadda ake kiran aiki a ba shi bayani ya dawo da amsa, duk yana nan a PHP, yaren da aka rubuta WordPress da shi, rubutun ne kawai ya bambanta.

Ilimin da kake buƙata bai kai yadda kake tsoro ba. HTML da CSS har ka iya danna F12 a burauza, ka nuna wani maɓalli da ya karkace a waya, ka gano dokar CSS da ta karkatar da shi. PHP har ka iya buɗe fayil mai layi ɗari biyu ka bi shi daga sama zuwa ƙasa kana faɗa wa kanka da Hausa abin da kowane sashe yake yi. JavaScript kaɗan, gwargwadon karanta jan rubutun da ke fitowa a `Console`. Sai tsarin WordPress kansa: ina fulogin suke zama, wato ƙananan manhajojin da ake jona wa shafi, ina tim yake, wato abin da ke ba shafi kamanninsa, da abin da ke cikin rumbun bayanai. Da awa biyu a rana, a ganinmu ka sa wa ranka wata huɗu zuwa shida. Wanda ya ce maka mako uku, kwas yake son sayar maka.

Laftof ɗinka ta isa. Sauke XAMPP sau ɗaya, ka ɗora WordPress a kai, shi ke nan kana da shafi cikakke a cikin kwamfutarka wanda ba ya cin data ko kaɗan. Daga nan sai ka fara ɓata shi da gangan. Goge alamar `;` a ƙarshen wani layi cikin `functions.php` ka ga abin da zai faru, ka karanta saƙon da ya fito, ka gyara. Canza kalmar sirrin rumbun bayanai a `wp-config.php` ka ga yadda "Error establishing a database connection" yake bayyana. Goge fayil ɗin `.htaccess` ka ga shafin farko yana buɗewa amma sauran suna ba da 404, sannan ka shiga `Settings`, ka danna `Permalinks`, ka danna `Save Changes` ka ga komai ya dawo. Idan kana da aboki mai koyo irinka, ku riƙa ɓata wa juna ba tare da faɗin inda aka taɓa ba, wannan ya fi amfani nesa ba kusa ba, domin wanda ya ɓoye abu da hannunsa bai san wahalar nema ba. Ka buɗe littafi kana rubuta kowace matsala: alamar da ta nuna, abin da ya jawo ta, abin da ya gyara ta. Ranar da littafin ya kai matsala talatin da ka warware da kanka, ka fara kusantar kasuwa.

Bari mu ɗauki aiki guda, irin wanda za ka riƙa gani, mu bi shi daga farko har ƙarshe.

Wata mai shagon sayar da jakunkuna ta saka aiki na dala 30. Ta ce tun jiya wasu shafukan kayanta ba sa buɗewa, sai rubutu ɗaya: "There has been a critical error on this website." Ta rantse ba ta taɓa komai ba. Kusan kowa haka yake cewa, kuma sau da yawa gaskiya suke faɗa, wani abu ne ya sabunta kansa cikin dare. Kafin ka nemi kalmar sirri, yi mata tambaya uku: yaushe ya fara, duk shafukan ne ko wasu, kuma ko kamfanin da ke ajiye mata shafin ya aiko da wani imel a 'yan kwanakin nan. Ta duba ta ce eh, sun ce sun ɗaga PHP daga 7.4 zuwa 8.2. Ta kuma ce wasu jakunkunan suna buɗewa lafiya, wasu ne ba sa yi. Amsoshin nan biyu sun rage maka rabin aiki. PHP 8.0 ya fito a Nuwamba 2020, an daina kula da 7.4 a Nuwamba 2022, kuma abubuwa da dama da tsohon yake kawar da kai a kansu da ɗan gargaɗi, sabon tsayar da shafi yake yi cak.

Da ta ba ka shiga cPanel, wato allon sarrafa fayilolin shafin a wurin kamfanin da ke ajiye shi, kada ka taɓa komai sai ka ajiye kwafi. Kwafi biyu ne: fayiloli, aƙalla foldar `wp-content` da `wp-config.php`, da kuma rumbun bayanai, wanda za ka fitar ta phpMyAdmin da maɓallin `Export`. Sabon shiga yakan tsallake wannan don yana ganin layi ɗaya zai canza. Wanda ya karɓi shafin da rabinsa ke aiki ya mayar da shi babu abin da ke aiki, kuma ba shi da hanyar komawa baya, tauraro ɗaya cikin biyar zai samu a makin da mai aikin ke bayarwa, tauraro ɗaya a aikin farko kuwa yana iya binne asusu.

Yanzu sai ka sa shafin ya faɗi abin da ke damunsa. Buɗe `wp-config.php`, nemo layin `WP_DEBUG` da ke nan an sa masa `false`, ka maye gurbinsa da waɗannan, a saman layin da ke cewa "That's all, stop editing!":

```php
define( 'WP_DEBUG', true );
define( 'WP_DEBUG_LOG', true );
define( 'WP_DEBUG_DISPLAY', false );
```

Layi na uku yana hana kurakuran bayyana a gaban masu sayayya, na biyu kuma yana tura su cikin fayil. Buɗe ɗaya daga cikin shafukan da suka mutu, sannan ka koma `wp-content` ka buɗe `debug.log`. Za ka iya tarar da layi ɗaruruwa, kada su firgita ka. Masu `Warning` da `Deprecated` ƙorafi ne kawai, ba su suka kashe shafin ba. Ka nemi `Fatal error` mai lokacin da ya yi daidai da sa'ar da ka buɗe shafin:

```
PHP Fatal error: Uncaught TypeError: count(): Argument #1 ($value)
must be of type Countable|array, string given in
/wp-content/themes/shago/template-parts/gallery.php:42
```

Karanta shi a hankali, domin iya karanta irin wannan layin shi ne sana'ar. Yana cewa an ba `count()` abin da zai ƙirga, yana sa ran jerin abubuwa, sai aka miƙa masa rubutu. Ya kuma faɗi fayil da lambar layi. Ka je layi na 42, ka duba har da na samansa:

```php
$images = get_post_meta( $id, 'gallery', true );
if ( count( $images ) > 1 ) {
```

A nan ne sanin WordPress yake aiki. Idan jaka tana da ƙarin hotuna, `get_post_meta` yana dawo da jerinsu, komai ya tafi daidai. Idan ba ta da su, ba ya dawo da jeri marar komai, rubutu marar komai yake dawowa da shi. A PHP 7.4, `count()` yakan yi gargaɗi ya ba da amsa 1, tunda 1 bai fi 1 ba sai a tsallake sashen hotuna, shafi ya buɗe, shekara da shekaru babu wanda ya lura. A PHP 8 abin ya zama kuskure mai tsayar da komai. Ka ga dalilin da ya sa wasu jakunkunan kawai suka mutu: su ne marasa ƙarin hotuna. Kada ka yarda da wannan bayanin don ya yi maka daɗi a kunne, gwada shi. Buɗe jaka uku masu hotuna da uku marasa hotuna. Idan rabuwar ta fito haka, ka kama ɓarawon. Gyaran kansa ɗan ƙarami ne:

```php
if ( is_array( $images ) && count( $images ) > 1 ) {
```

Akwai gyare-gyaren ƙarya guda uku da za su ja hankalinka. Sa alamar `@` a gaban `count` ba zai yi komai ba, domin tana rufe bakin gargaɗi ne, ba ta hana irin wannan kuskuren tsayar da shafi. Goge sashen gaba ɗaya zai sa shafuka su buɗe, amma hotunan duk jakunkuna za su ɓace, kuma mai shagon za ta gano bayan kwana biyu ta dawo da fushi. Mayar da PHP zuwa 7.4, idan kamfanin ya bari, yana da amfani a matsayin agajin gaggawa na awa ɗaya don kada ciniki ya tsaya, amma idan ka miƙa shi a matsayin gyara ka karɓi kuɗi, ka sayar mata da matsalar da za ta dawo.

Saura abu biyu da ke raba mai gyara da mai faci. Na farko, fayil ɗin da ka taɓa na cikin tim ne, ranar da aka sabunta tim ɗin za a shafe gyaranka. Idan tim ne da aka saya kuma masu shi suna nan, duba ko sun riga sun fitar da sabon da ya dace da PHP 8, wataƙila sabuntawa ce maganin gaskiya. Idan an daina kula da shi, ka kwafi fayil ɗin zuwa ƙaramin tim mai gado, wanda WordPress ke kira `child theme`, a folda mai suna iri ɗaya, ka yi gyaran a can. Na biyu, ka mayar da `WP_DEBUG` zuwa `false`, ka cire layukan da ka ƙara, ka goge `debug.log`, domin a kamfanonin ajiya da yawa duk wanda ya san adireshinsa yana iya buɗe shi ya ga sirrin tsarin shafin. Sannan ka rubuta mata layi huɗu: abin da ya faru, fayil ɗin da ka canza, abin da ka gwada, da shawarar ta canza kalmar sirrin da ta ba ka. Idan ta ce ita har yanzu tana ganin matsalar, kafin ka ruɗe ka ce ta gwada a wata burauza, kai kuma ka share ajiyayyun shafukan da fulogin na saurin buɗewa ya adana. Sau da yawa tsohon kwafi ne take kallo.

Wani lokaci `debug.log` ba ya nuna komai mai amfani, misali maɓalli ya daina aiki amma shafi yana buɗewa. A nan dabarar ita ce rabawa biyu. Idan fulogin ashirin ne, kashe goma ka gwada. Matsalar ta tafi, tana cikin goman da ka kashe; ba ta tafi ba, tana cikin sauran. Sake raba su biyu. Gwaji biyar ya isa ka fitar da ɗaya daga cikin ashirin, maimakon bi ɗaya bayan ɗaya. Amma ka yi wannan a kan kwafin shafin, ko dai wanda ka sauke zuwa XAMPP ko wanda kamfanin ajiya ya tanada don gwaji, ba a kan shagon da mutane ke sayayya a ciki ba. Idan ma an kasa shiga ɗakin sarrafa shafin, canza sunan foldar fulogin ɗin da kake zargi a `wp-content/plugins` yana kashe shi nan take.

Sai maganar kuɗi, wadda masu tallan kwas ba sa son tsayawa a kanta. Fiverr, wani dandalin aiki irin Upwork, yana cire kashi 20 cikin ɗari, aikin dala 30 ya zama 24, kuma sabon mai sayarwa yana jiran kwana 14 kafin kuɗin su zama nasa. Amfaninsa shi ne ba ka biyan komai don saka tallarka, illarsa kuma kana iya zama makonni babu wanda ya leƙo. Upwork kai kake neman aiki, kuma kowace nema tana cin abin da suke kira `Connects`, kowanne santi 15. Aikin da ya nemi 12 ya ci maka dala 1.80 ko an ɗauke ka ko ba a ɗauke ka ba, nema goma dala 18 ke nan, ga kasonsu da zai iya kaiwa kashi 15, wanda za ka gani a allo kafin ka aika. Saboda haka kada ka watsa nema kamar mai shuka gero. Zaɓi aikin da aka saka cikin awa ɗaya ko biyu, wanda masu nema ba su yi yawa ba, mai shi an tabbatar da hanyar biyansa, kuma matsalar tana cikin littafinka. Ka buɗe asusun Payoneer, wanda ake cire kuɗin aiki ta cikinsa, tun da wuri da sunan da ke jikin katin shaidarka, harafi da harafi daidai da na asusun aikin, domin bambancin suna yana riƙe kuɗi.

Wasiƙar neman kanta kada ta wuce layi biyar, da Turanci mai sauƙi. Kada ka fara da gaisuwa mai tsawo ko tarihin karatunka, mai shagon da cinikinta ya tsaya ba ta da lokacinsu. Fara da matsalarta: irin wannan saƙon yakan biyo bayan ɗaga PHP ko sabunta fulogin, zan ajiye kwafi kafin in taɓa komai, zan duba fayil ɗin kurakurai in gaya miki dalili cikin awa ɗaya, shin duk shafukan ne ko wasu? Tambayar ƙarshen nan ita ke sa a amsa maka, domin tana nuna ka karanta. Tunda ba ka da taurari tukuna, ka zaɓi matsala uku daga littafinka ka rubuta kowacce a shafi ɗaya da hoton allo, kafin gyara da bayansa, ka saka a bayanan asusunka, ka kuma faɗi gaskiya cewa a shafin gwaji ka yi su. Idan akwai makarantar Islamiyya ko wani shago a garinku mai shafin WordPress da ke da tangarɗa, gyara musu ɗaya kyauta da izininsu, ya zama aikinka na gaske na farko.

A aikin da aka yanke farashi, kada ka fara sai ka ga Upwork ya nuna an ajiye kuɗin a hannunsu. Duk wanda ya ce ku koma Telegram kafin a ƙulla aiki, ko ya ce ka biya wani abu a tantance ka, rabu da shi. Karɓar kuɗi a bayan dandalin ma yana jawo rufe asusu. Haka sayen asusun wani ko ɓoye ƙasarka, abin da wasu samari ke ba juna shawara: ranar da aka nemi ka nuna fuska da katin shaida, asusun da kuɗin da ke ciki sun tafi tare.

Akwai kuma ayyukan da ya kamata ka ƙi a shekararka ta farko ko da kuɗinsu ya yi kyau. Shafin da aka yi wa kutse, domin masu kutse suna barin ƙofofi a wuraren da ba za ka sani ba, ka share yau su dawo jibi a ce kai ne ba ka iya ba. Duk abin da ya shafi biyan kuɗi a shago, inda kuskure ɗaya asarar ciniki ce ta gaske. Da aikin da aka ce kawai a sa shafi ya yi sauri, wanda ba shi da ƙarshen da kowa zai yarda an kai. Ka kuma yi hattara da mai cewa ɗan ƙaramin abu ne na minti biyar: da ya san minti biyar ne da ya yi da kansa. Kafin ka karɓa, ka rubuta a cikin saƙo matsala ɗaya da za ka gyara da yadda za a tabbatar ta gyaru, misali duk shafukan jakunkuna su buɗe a kan PHP 8.2. Idan ta ce tunda kana ciki ka duba mata fom ɗin tuntuɓa, ka amsa da ladabi cewa za ka duba, ga farashinsa.

Wuta ma ka sa ta a lissafi. Kada ka fara taɓa shafin wani da batir ƙasa da rabi ko data da ke gab da ƙarewa, domin fayil ɗin da ya yanke a tsakiyar ɗorawa yana kashe shafi gaba ɗaya. Aikin da kake ganin na awa uku ne, ka yi alkawarin kwana ɗaya. Kuma a watannin farko kada ka dogara da kuɗin nan don cefane ko haya: idan kana da wata 'yar sana'a ka riƙe ta, ka ware abin da bai wuce dala 15 zuwa 20 ba na neman aiki, idan ya ƙare babu wanda ya amsa, ka tsaya ka sake duba irin ayyukan da kake zaɓa da layin farko na wasiƙarka kafin ka ƙara ko santi.